Baba ya sayar da fili cikin ruɗewa, ƙanena ya ci bashi yana ɗan shekara 16: za a iya warwarewa?

Assalamu alaikum. Ni ce babba a gidanmu, muna zaune a Kaduna, mahaifiyarmu ta rasu. Shekara uku ke nan da babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, tun daga nan tunaninsa ya taɓu. Wata rana lafiya lau, wata rana sai ya tambaye mu ina Mama ta tafi. Wata biyu da suka wuce muka gano ya sayar wa wani maƙwabcinmu filinsa mai takardar gwamna a kan naira miliyan 4, alhali dillalai sun ce ya kai miliyan 9. Ba a kira ko ɗayanmu ba. Miliyan 2 da rabi na nan a asusunsa na banki, sauran kuwa ya ce bai san zancen ba. Mutumin har ya fara sauke bulo. Ana cikin haka sai ga wata: ƙanena ɗan shekara 16, ɗan sakandare, ya karɓi bashin naira dubu 300 wurin wani mai ba da rance, zai biya dubu 400 bayan wata uku. Ya sa hannu cewa in ya kasa, a ɗauki Keke Napep ɗin da ya faɗo a rabonsa na gadon Mama. Ya ce wa mutumin shekararsa 19. Ya sayi waya ta dubu 200, ya biya kuɗin jarrabawa dubu 60, sauran ya kashe. Yanzu mutumin yana cewa zai kawo 'yan sanda. Kawunmu ya ce tunda an sa hannu magana ta ƙare. Da gaske ne? Me zan yi?

Wata mai neman mafita, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba Baba lafiya, Ya kuma saka miki da ɗawainiyar da kike yi.

Magana ba ta ƙare ba. Sa hannu yana ɗaure mutumin da doka take ganin yana da ikon ɗaure kansa ne kawai, kuma yaro da wanda hankalinsa ya taɓu su ne mutane biyu na farko da aka cire daga wannan layi, a dokar ƙasa da shari'ar Musulunci duka. Sai dai kada ki ɗauka takardun nan biyu ƙarfinsu ɗaya. Ta ƙanenki ba ta da ƙafar tsayawa, domin shekarunsa kaɗai sun kusa isa su rushe ta. Ta Baba ita ce mai wuya, ita ce kuma mai gaggawa, domin a dokar ƙasa cinikin nan yana nan da ransa har ranar da kotu ta soke shi, kuma duk kwanan da ya wuce ƙarfi yake ƙara wa mai saye. Saboda haka da ita zan fara, ko da yake na san barazanar 'yan sandan ce ta fi hana ki barci.

A dokar yarjejeniya da kotunanmu suke bi, ana ɗaukan kowane baligi a matsayin mai hankali har sai an kawo hujjar akasin haka, kuma nauyin kawo hujjar yana wuyan wanda ya ce a soke. Abu biyu za ku tabbatar, kuma ɗaya ba ya wadatarwa. Na farko, cewa a lokacin da Baba ya sa hannu bai fahimci abin da yake yi ba. Na biyu, cewa mai sayen ya san halin da Baba yake ciki, ko kuma alamun sun fito fili ta yadda kowane mai hankali zai gane. Wannan ƙa'ida ta zauna tun wata shari'a da aka yi a Ingila a 1892, kuma da ita ake aiki a Nijeriya.

Ki lura da kalmar "lokacin". Kotu ba za ta tsaya kan cewa Baba ba shi da lafiya tun shekara uku ba. Za ta tambaya ne, ranar nan da aka kawo masa takarda, ya san filinsa ne na wuri kaza yake rabuwa da shi? Ya san wa yake sayar wa, a kan nawa, kuma ya san in ya sayar ba zai dawo ba? Mai irin ciwon Baba yana da ranakun da yake garau, kuma cinikin da ya yi a irin wannan rana ya zauna daram. Ke da kanki kin ce wata rana lafiya lau yake. To ki sani wannan jimlar ita ce lauyan mai saye zai riƙe, zai kuma kawo shaidun da suka sa hannu su ce sun same shi yana raha, har shi ya yi ta jan farashi. Don haka aikinku shi ne ku matso da hujja kusa da ranar cinikin gwargwadon iko.

Ki fara da katin asibiti. Duk inda aka duba shi tun shanyewar, ku nemi a ba ku rahoto daga fayil ɗinsa, musamman abin da likita ya rubuta a makonnin da suke gaba da cinikin da bayansa. In an taɓa rubuta cewa ba ya gane rana ko wuri, ko yana manta 'ya'yansa, wannan ya fi shaidu goma, don an rubuta shi ne tun babu rigima. Sannan ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa yanzu, ga asibitin tarayya na Barnawa nan kusa da ku. Ku gaya wa likita a fili cewa rahoton na kotu ne, kuna son ya auna ko Baba yana iya tafiyar da dukiyarsa, ya kuma faɗi ra'ayinsa kan yadda yake wata biyu zuwa uku da suka wuce. Rahoton yau ba ya tabbatar da halin ranar ciniki kai tsaye, amma likita yana iya yi wa kotu bayanin yadda ruɗewar ta kasance tun bayan shanyewar jikin. Bayan likita sai mutanen da suke ganinsa kullum: limamin masallacinku, mai shagon bakin layi, wanda ya taɓa tsinto shi ya ɓata hanya ya dawo da shi gida. Ki zauna ki rubuta abubuwan da suka faru da kwanan watansu tun ba a manta ba. Shaidar da ta ce "ranar Juma'ar da ta biyo bayan cinikin ya fito da kayan barci ya ce zai tafi ofis, alhali ya yi ritaya tuntuni" tana da nauyi. Wadda ta ce "ai kowa ya san ba shi da lafiya" ba ta kai ko'ina.

Sharaɗi na biyu shi ne inda yawancin irin wannan ƙara take faɗuwa. A 1985 an yanke wata shari'a da ta taso daga ƙasar Niyu Zilan, ta Hart da O'Connor. Wani dattijo mai shekara 83 ya sayar wa maƙwabcinsa gonar iyali, daga baya aka tabbatar hankalinsa ya riga ya taɓu a lokacin. Duk da haka kotun Privy Council ta Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe ga Niyu Zilan, ta ce ciniki ya zauna, saboda mai sayen bai sani ba, bai kuma yi wata ha'inci ba, lauyan dattijon ne ma ya tsara takardun. Darasin da ke ciki gare ku shi ne, ciwo kaɗai ba ya soke ciniki, araha kaɗai ma ba ta sokewa.

Amma a nan ina ganin kuna da ƙarfi. Maƙwabci ne, ba baƙon da dillali ya kawo daga wani gari ba. Mutumin da ya shekara uku yana ganin Baba a ƙofar gida, wataƙila har ya zo dubiya, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai lura da komai ba. Ki tuna ko ya taɓa zuwa gaishe shi a asibiti, ko ya taɓa yi muku jaje a gaban mutane, ko akwai saƙon waya da ya turo yana tambayar jikinsa. Sai ki haɗa wannan da yadda aka yi cinikin: dattijo mai manyan 'ya'ya a gida, amma aka tsallake su duka, fili na miliyan 9 a kan miliyan 4, kashi ɗaya cikin uku da ɗoriya na kuɗin bai shiga banki ba. Kowanne shi kaɗai ana iya yi masa uzuri. In suka taru, alƙali zai tambayi kansa me ya sa aka yi abin a ɓoye. Farashin kuma kada ku tsaya ga bakin dillalai. Ku sa mai ƙiyasta darajar filaye mai rajista ya rubuta ƙimar filin a watan da aka sayar, domin ita kotu take karɓa. Lauyanku zai kuma ƙara da hujjar cewa an ci da raunin dattijo, wadda take tsayawa da ƙafarta ko da hujjar taɓin hankali ta yi rauni. In Baba ba ya karanta Turanci kuma da Turanci aka rubuta takardar, a duba ko wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa da bayanin cewa an karanta masa an fassara kafin ya sa hannu, don akwai dokar kare marasa karatu da ta wajabta haka.

A fiƙihun Malikiyya lamarin ya fi sauƙi ta fuska ɗaya. Sharaɗin ƙulluwar ciniki shi ne mai ƙullawa ya kasance yana da wayo, yana fahimtar magana yana mayar da amsa daidai. In babu wannan, ciniki bai ƙullu ba tun asali, ko mai saye ya sani ko bai sani ba. Sai dai ban so ki ɗora begenki a nan, saboda filin yana da takardar gwamna, kuma sashe na 39 na dokar amfani da ƙasa ta 1978 ya ba Babbar Kotun Jiha ce kaɗai hurumin sauraron rigima kan irin wannan fili. In kuka kai ƙarar filin kotun shari'a kuka ci, ɗaukaka ƙara ɗaya za ta iya rushe hukuncin saboda rashin hurumi, ku dawo farko bayan shekaru. Kotun shari'a tana da amfaninta a wannan lamari, zan zo kansa, amma soke cinikin na Babbar Kotu ne.

Yanzu abin da ya sa na ce da gaggawa. Haƙƙin soke irin wannan ciniki yana mutuwa ta hanyoyi da dama, kuma uku daga ciki suna bakin ƙofarku. In maƙwabcin ya sayar wa wani na uku wanda ya biya kuɗinsa bai san komai ba, ya kuma kammala takardu, da wuya ku sake ganin filin. In kuka yi shiru ya gina gida kuna kallo, kotu tana iya cewa kun yi jinkirin da ya zama yarda. In kuma aka ci gaba da cin kuɗin bayan an san daga ina suka fito, ko Baba ya samu ranar da yake garau aka sa shi ya ce ya amince a gaban shaidu, to an tabbatar da cinikin ke nan.

Saboda haka a wannan makon, kada kowa ya taɓa miliyan 2 da rabin nan, ko da kuɗin magani ne. Ku nemo ta wata hanya. Ki karɓi katin cire kuɗin Baba ki adana, a kuma nemi bayanan asusun na watannin nan don a ga wa ya turo kuɗin, yaushe, kuma ko an cire wani abu. Lauya ya rubuta wa mai saye wasiƙa cewa ba a yarda da cinikin ba saboda halin lafiyar Baba, a shirye ake a mayar masa da abin da ya biya, kuma ya dakatar da gini. Daga ranar da ya karɓi wasiƙar, duk bulon da ya ɗora da saninsa ya ɗora. Wasiƙa ta biyu ta tafi hukumar KADGIS mai kula da takardun filaye a Kaduna, a sanar da su akwai rigima a kan fili mai lamba kaza, a nemi kada a canja suna. Wannan yana da muhimmanci, don sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a mayar da irin wannan fili ga wani sai da amincewar gwamna, kuma wata biyu da wuya ya isa a ce an kammala. Sannan a shigar da ƙara tare da roƙon umarnin dakatar da gini da sayarwa har a gama shari'a. Allo a bakin filin da ke cewa ana shari'a a kansa ma yana aiki, don yana toshe bakin duk wanda zai saya gobe ya ce bai sani ba.

Akwai wani tarko da iyalai suke yawan faɗawa. Ke ba ki da ikon shigar da wannan ƙara da sunanki. Filin na Baba ne, yana raye, kuma zama 'yarsa ko magajiyarsa ta gobe bai ba ki haƙƙi a kan dukiyarsa yau ba. Da sunan Baba za a shigar, ta hannun wanda kotu ta amince ya tsaya masa. Kada kuma wani ya ba ki shawarar a sa Baba ya sa hannu a takardar wakilci ya ba ki, domin ba zai yiwu ku ce ba shi da hankalin sayar da fili amma yana da na naɗa wakili ba. Lauyan ɗaya ɓangaren da wannan takardar zai kashe ku. Hanyar ita ce a nemi kotu ta naɗa mai kula da lamuransa bisa rahoton likita. A nan kotun shari'a take shigowa, don kula da Musulmin da hankalinsa ya taɓu da kuma yaro yana cikin abubuwan da sashe na 277 na tsarin mulki ya lissafa a ƙarƙashin shari'ar Musulunci. Lauya zai gaya miki ko wannan naɗin za a fara nema, ko Babbar Kotun ce za ta amince da ke a cikin ƙarar kanta.

Sai batun da ba za ki so ji ba, wato miliyan 1 da rabin da ba a gani ba. Soke ciniki ma'anarsa kowa ya koma inda yake: fili ya dawo, kuɗi su koma. Ba za ku riƙe fili ku riƙe kuɗi ba. In mai saye ya nuna ya ba da miliyan 4 cif, ku shirya cewa kotu za ta iya cewa a mayar masa da su cif daga dukiyar Baba. Amma shi zai nuna. A tambaye shi rasit, a tambaye shi wa ya miƙa wa, a gaban wa, da kuma nawa dillali ya ɗauka a matsayin la'ada. Sau da yawa a nan ne labarin mai saye yake fara warwarewa, don wanda ya ce ya damƙa wa dattijo mai mantuwa tsabar kuɗi miliyan 1 da rabi ba tare da ko ɗansa ɗaya a wurin ba, ya ba da shaida a kan kansa. Ko a mafi munin hali, lissafin yana tare da ku: ku nemo miliyan 1 da rabi ku cika, ku karɓi fili na miliyan 9. Kuma ki bincika cikin gida a hankali, don in wani ɗan'uwa ne ya yi dillancin ko ya karɓi wani abu, gara ki sani yanzu da ki ji a bakin shaida. In mai sayen ya nemi sulhu ya ce zai cika farashi zuwa ƙimar gaskiya, ba abin ƙi ba ne, amma wanda kotu ta naɗa ne zai sa hannu, kuɗin kuma na Baba ne, a asusunsa za su zauna.

Mu koma kan ƙanenki. A nan doka ba ta tambayar ko ya fahimta, ba ta kuma tambayar ko mai rancen ya sani. Sashe na 18 na dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ya ce yarjejeniyar da yaro, wato wanda bai kai 18 ba, ya ƙulla don biyan rancen kuɗi ko kayan da aka ba shi bashi, ɓatacciya ce, in ban da ta abubuwan larura. Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, lauya zai duba lafazinta. Tun kafin waɗannan ma haka abin yake. A shari'ar Labinjoh da Abake a Legas a 1924, wani ya ba wata yarinya 'yar kasuwa kaya bashi ya zo neman kuɗinsa, kotu ta ce dokar Ingila ta 1874 da ta ɓata irin wannan bashi tana aiki a Nijeriya, kuma a ƙarƙashinta shekarun girma 21 ne. Ko da wacce aka auna, ɗan 16 yana ƙasa. Bashin da ya ɓaci kuwa jinginar da aka rataya masa ba ta da abin riƙewa, don haka Keke Napep ɗin yana nan na ƙanenki. Ribar dubu 100 ba ta ma shigo lissafi ba.

Ƙaryar shekarun fa? Ba ta farfaɗo da bashin. A 1914 a Ingila wani yaro ya yi wa masu ba da rance ƙaryar ya girma ya karɓi fam 400, kotu ta ƙi tilasta masa ya biya, ta ce yin haka zai zama an zagaya ta bayan gida an aiwatar da yarjejeniyar da doka ta riga ta ɓata. Abin da ƙaryar take jawowa shi ne, kotu tana iya sa yaro ya mayar da abin da ya samu ta hanyar yaudara matuƙar yana hannunsa. Sannan abin da aka kashe a kan larura ta gaskiya, kamar abinci, magani, suturar da ta dace da matsayinsa ko karatu, mai rance yana da hanyar neman wannan ɓangaren. In muka bi kuɗin ɗaya bayan ɗaya, dubu 60 na jarrabawa larura ce, ku ɗauka za ku biya. Waya ta dubu 200 a hannun ɗan sakandaren da ake ciyar da shi a gida ba larura ba ce, amma tana nan ana ganinta. Dubu 40 da ya kashe sun tafi, asarar mai rance ce.

In mai rancen ya kai ƙara kotun shari'a, akwai bambanci ɗaya da ya kamata ki sani. A Malikiyya shekara 18 ana komawa gare ta ne in alamun balaga ba su bayyana ba, saboda haka zai iya cewa yaron baligi ne. Amma balaga ba ta isa a sakar wa mutum dukiya, sai an ga yana iya tattalinta, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta sharɗanta. Ɗalibin da bai taɓa riƙe sana'a ba, ya ci bashin ruwa ya sayi waya ya jinginar da gadonsa, aikin nasa ma shaida ne cewa bai kai nan ba. Waliyyi yana da ikon mayar da abin da ya ƙulla, wanda ya ba shi rance kuma ba ya samun komai sai abin da ya rage a hannunsa ko aka kashe a maslaharsa, riba kuwa babu alƙalin da zai hukunta a biya ta. Ki ga lissafin ya fito kusan daidai da na dokar ƙasa. Waliyyin dukiyar yaro a wannan mazhaba shi ne uba, sai wasiyyin uba, sai alƙali. Kawu, wa ko yaya ba sa samun wannan matsayi da kansu. Tunda Baba ba ya iyawa, alƙali ne zai naɗa, don haka ku haɗa wannan roƙon da na Baba a zama ɗaya.

Shawarata ita ce ku yi sulhu daga matsayin ƙarfi. Ku nemo takardar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya, da NIN ɗinsa, da takardar makaranta mai ɗauke da ranar haihuwa. Ku kira mutumin gaban mai unguwa ko lauya, ku nuna masa, ku ba shi wayar ko kuɗin da aka sayar da ita, ku ƙara dubu 60, ya dawo da takardar da aka sa hannu da duk wata takardar keken da ya riƙe, ya rubuta cewa ba ya bin kowa komai. In kuna da hali kuka ga ku cika masa uwar kuɗinsa dubu 300 saboda yaronku ya yi masa ƙarya, wannan kyautatawa ce kuma ina ganin ta dace, don yaron ya kamata ya ga cewa ƙarya tana da tsada, ko da daga kuɗin da keken yake kawowa za a cire. Amma ku ne kuka zaɓa, ba a bin ku.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne sabuwar takarda. Mai rancen da ya gane tasa ba ta da amfani zai nemi babba ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyin bashin, yawanci a ofishin 'yan sanda, da yamma, ana cewa a sa hannu kawai a saki yaro. Ke baliga ce mai hankali, alkawarinki yana iya ɗaure ki ko da na ƙanenki bai ɗaure shi ba. Kada ki sa, kada kawu ya sa. Shi ma yaron kada ya sake sa hannu a komai, yanzu ko bayan ya cika 18, domin ko da dokar 2003 ta hana a kama shi da alkawarin biyan bashin ƙuruciya, a fiƙihu wanda ya kai ga hankalin dukiya yana iya zartar da abin da ya ƙulla a da. Game da 'yan sanda, sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Zai yi ƙoƙarin juya ƙaryar shekarun ta zama zargin damfara, shi ya sa in aka gayyaci yaron kada ya je shi kaɗai, a je da lauya da takardar haihuwa. Keken kuma ku ɗauke shi daga hannun direba na ɗan lokaci ku ajiye a wuri mai tsaro, don ƙwace shi a hanya ya fi sauƙi a kan dawo da shi, ko da yake ƙwacen laifi ne a kansa.

In kuɗin lauya ne matsala, ki je ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya da ke Kaduna ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ki tafi da kwafin takardar cinikin in kun samu, da lambar takardar filin, da katin asibitin Baba, da takardar haihuwar ƙanenki. Wasiƙar mai saye da ta KADGIS su fara fita, kafin a kai ga zuba harsashin gini.